Yadda Ake Gane Manoma Nawa Za a Tambaya Kafin a Ce Akwai Alaƙa Tsakanin Taki da Amfanin Gona

Ɗalibi mai aikin furojet ko malamin gona mai ɗan ƙaramin bincike yakan zo da tambaya irin wannan: ina so in duba ko yawan takin gargajiya da manomi ke kaiwa gona yana tafiya tare da yawan geron da yake samu, to manoma nawa zan tambaya? Amsar da aka fi ba shi ita ce talatin, domin an saba jin cewa talatin sun isa a lissafi. Wasu kuma sai su ɗauko fomular Taro Yamane, su zuba adadin manoman ƙaramar hukuma, ta ba su ɗari uku da wani abu. Duk biyun ba su amsa tambayar ba. Fomular Yamane da teburin Krejcie da Morgan na 1970 an gina su ne domin kimanta kaso, wato kashi nawa cikin ɗari na manoma ke yin abu kaza. Duba fomular da kyau, babu wurin da aka tambaye ka ƙarfin alaƙar da kake nema. A binciken alaƙa kuwa, wannan ƙarfin shi ne yake yanke yawan mutanen da za ka nema, ba yawan jama'ar gari ba.

Za mu bi misali guda tun daga farko. Mu ɗauka kana da ƙauyuka huɗu ko biyar a yankin Gumel ko Ringim, ƙasar jigawa inda ake gero da wake, kuma kana so ka auna abubuwa biyu a kowace gona: takin da aka kai mata da rani, da geron da aka cire da kaka.

Abin da r yake nufi, da dalilin da ya sa ƙaramin r yake cin mutane da yawa

Ma'aunin alaƙa na Pearson, wanda ake rubutawa r, yana tsakanin -1 da 1. Sifili na nufin babu alaƙar da ke tafiya a miƙe. Idan ya kusa 1, duk gonar da ta sha taki ta fi gero, kusan ba tare da kuskure ba. A gona ta gaskiya ba a samun haka, domin ruwan sama, irin da aka shuka, lokacin noman farko, wuta-wuta da tsuntsaye duk suna da hannu a cikin damin da manomi zai ɗaure.

Matsalar ita ce r ɗin da ka samu daga manoma kaɗan yana rawa sosai. Ko da a ce babu wata alaƙa ko kaɗan a gaskiya, idan ka ɗauki manoma 30 ba abin mamaki ba ne ka ga 0.2 ko 0.25 ya fito maka, kawai saboda waɗanda ka ci karo da su. Shi ya sa da mutum 30 sai r ya haura 0.36 kafin a yarda ba dace ba ne. Ƙaramin samfur kamar koma ce mai manyan idanu: babban kifi kawai take kamawa, ƙanana su zurare, masunci ya dawo yana cewa kogin ba kifi. Lissafin da za mu yi shi ne na gane girman idon da ya dace da kifin da kake nema.

Mataki na farko: tsayar da r ɗin da kake son kamawa

Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba r ɗin da kake fatan samu za ka rubuta ba. Za ka rubuta mafi ƙanƙantar alaƙar da idan tana nan, ba ka so ta wuce ka.

Jacob Cohen, a 1988, ya ba da ma'auni na gaba ɗaya: 0.1 ƙarama, 0.3 matsakaiciya, 0.5 babba. Shi da kansa ya nufe su ne ga wanda ba shi da wani abin dogaro. Idan akwai binciken da aka yi kan taki da gero a ƙasa irin taka, fara da shi, amma ka rage kaɗan daga abin da suka samu, domin sakamakon da ya fito da kyau ya fi samun shiga mujalla fiye da wanda bai nuna komai ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta jin nauyin lambar. Ninka r da kansa. Idan r ya zama 0.4, za ka sami 0.16, wato taki yana bayyana kashi 16 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin gonaki wajen amfani. Idan 0.3 ne, kashi 9 cikin 100. Idan 0.7 ne, kusan rabi. Tambayi kanka tsakani da Allah: a ƙauyen da wani ya yi shuka da ruwan farko wani ya makara da mako biyu, taki shi kaɗai zai ɗauki rabin bambancin? Da wuya. A misalinmu sai mu ce alaƙar gaskiya da muke ganin ta cancanci a kama ita ce 0.4.

Ka yi hattara da ɗan gwajin farko. Sau da yawa ɗalibi yakan tambayi manoma 15, ya sami r na 0.55, ya sa a fomula, ta ce masa mutum 24 sun isa, ya yi murna. Amma r na 0.55 daga mutum 15 yana iya fitowa daga alaƙar gaskiya da ke ko'ina tsakanin 0.05 da 0.83. Wannan tazarar ta yi faɗin da ba za a gina komai a kanta ba. Gwajin farko yana da amfani wajen gyara tambayoyi da sanin tsawon lokacin da hira ke ci, ba wajen tsayar da r ba.

Mataki na biyu: alfa da ƙarfin gwaji

Nan ba sai an daɗe ba. Alfa ita ce kasadar da ka yarda da ita ta cewa akwai alaƙa alhali babu. An saba sa 0.05, ta ɓangare biyu, wato ana duba alaƙar ko sama ta yi ko ƙasa, kuma lambar da ke tafiya da ita 1.96 ce. Ƙarfin gwaji shi ne damar da kake da ita ta kama alaƙar idan da gaske tana nan. An saba sa kashi 80 cikin 100, lambarsa 0.84. Idan ka haɗa su ka sami 2.80. Mai son kashi 90 cikin 100 zai sa 1.28 a madadin 0.84, jimla ta zama 3.24.

Kashi 80 yana nufin a cikin bincike biyar irin naka, ɗaya zai dawo hannu rabbana ko da alaƙar tana nan. Wanda aikinsa za a gina shawara a kai ga manoma, gara ya nemi 90.

Za a iya ba ka shawarar yin gwaji ta ɓangare ɗaya domin adadin ya ragu. Ni ban goyi bayan haka a nan ba. Ɗanyen taki da bai ruɓe ba, a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, yana iya ƙona shuka, kuma manomi yakan kai taki mai yawa gonar da ta gaji ne. Ke nan alaƙar tana iya juyawa, kuma idan ta juya kana so ka gani.

Mataki na uku: lissafin kansa

Ba a sa r kai tsaye a fomula. Ana fara juya shi ta hanyar da Ronald Fisher ya fitar, masanin lissafin da ya yi shekaru yana aiki da alƙaluman gonakin gwaji na Rothamsted a Ingila tun daga 1919. Amfanin juyin shi ne, bayan an yi shi, yawan rawar lambar ya dogara ne da yawan mutane kawai. Ga fomulolin biyu:

```
C = 0.5 * ln((1 + r) / (1 - r))
n = (2.80 / C)^2 + 3
```

Ɗauki kalkuleta mai maɓallin `ln`, ta waya ma ta isa idan ka kwantar da ita. Da r na 0.4, ka raba 1.4 da 0.6, ka sami 2.333. Danna `ln`, ya ba ka 0.847. Rabinsa 0.424, shi ne C. Yanzu raba 2.80 da 0.424, ka sami wajen 6.61. Ninka shi da kansa, 43.7. Ƙara 3, ya zama 46.7. Kullum sama ake cikawa, don haka manoma 47.

Idan ka maimaita da wasu lambobin za ka ga yadda abin yake hawa, ko da naka ya gaza na teburin da mutum ɗaya a wani layin saboda cika lambobi:

| r | adadin manoma |
|---|---|
| 0.6 | 20 |
| 0.5 | 30 |
| 0.4 | 47 |
| 0.3 | 85 |
| 0.2 | 194 |
| 0.1 | 783 |

Dubi tsakanin 0.4 da 0.2. An raba r biyu, amma mutanen da ake bukata sun ninka sau huɗu. Dubi kuma inda talatin ɗin nan ta faɗo: ta isa ne kawai idan alaƙar ta kai 0.5, wadda Cohen ya kira babba.

Mai kwamfuta zai iya yi a Excel da layi ɗaya:

```
=ROUNDUP(((NORM.S.INV(0.975)+NORM.S.INV(0.8))/FISHER(0.4))^2+3,0)
```

A manhajar R kuma, bayan ka saka `pwr` da `install.packages("pwr")`:

```
library(pwr)
pwr.r.test(r = 0.4, sig.level = 0.05, power = 0.8)
```

A G*Power, wadda kyauta ce, za ka zaɓi `Exact`, sannan `Correlation: Bivariate normal model`, sannan `A priori`. Kada ka damu idan manhaja ta ba ka adadin da ya gaza na hannu da mutum ɗaya. Hanyoyin lissafinsu sun ɗan bambanta. Idan bambancin ya kai goma ko ashirin, duba ko ka bar gwajin a ɓangare ɗaya, ko ka danna `log` a maimakon `ln`.

Mataki na huɗu: abin da awo ke ci daga r

Da yawa a nan suke tsayawa, su rubuta 47, su hau babur. Amma 0.4 ɗin da muka sa alaƙa ce tsakanin takin gaskiya da geron gaskiya. Abin da zai shiga takardarka kuwa shi ne abin da manomi ya tuna, a ma'aunin da yake amfani da shi.

Zauna a gindin darbejiya ka yi tambayar ka ji. Ka ce, "Baba, taki nawa ka kai gonar nan bana?" Ya ce, "To, ɗan nan, mangala za ta kai arba'in, ban da kura biyu da yara suka kai, kuma Fulani sun kwana uku a gefen gabas." Mangalar jakinsa ba lallai ta yi daidai da ta maƙwabcinsa ba. Kurar shanu ɗaya mangala nawa ce? Kwanan shanu uku a gona fa, a wane layi za ka rubuta shi? Wani takin kashin awaki ne zalla, wani rabinsa toka da sharar gida. Ka koma kan gero, ya ce dami talatin da biyar. Damin wani gida sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga, na wani gida yaro ma zai ɗauka. Wani ya cire zakka da abin da aka ci tumu kafin ya ƙirga, wani bai cire ba.

Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Amma kowane irin wannan kuskuren da ke faɗawa nan da can yana jan r zuwa sifili. Charles Spearman ya nuna yadda ake lissafa wannan tun 1904:

```
r_gani = r_gaskiya * sqrt(a * b)
```

A nan a da b su ne amincin awo na abubuwan biyu, daga 0 zuwa 1. Hanya mai sauƙi ta kimanta su ita ce ka koma wurin manoma ashirin ko fiye bayan mako biyu, ka sake yi musu tambayar ba tare da tuna musu amsar farko ba, ka duba alaƙar amsoshin biyu. Wannan yana nuna maka rawar tunawa ne kawai, ba ya kama bambancin girman mangala, don haka ainihin amincin yana iya yin ƙasa da abin da ka gani.

Mu ɗauka a misalinmu amincin awon taki 0.7 ne, na gero 0.8. Ninka su, 0.56. Tushensa, wato `sqrt`, 0.75. Ninka da 0.4, ka sami 0.30. Alaƙar da za ta bayyana a takardarka ke nan, kuma ita ya kamata ka sa a fomula. C ya zama 0.3095, raba 2.80 da shi, wajen 9.05, ninka da kansa, kusan 82, ƙara 3, manoma 85. Daga 47 an koma 85, ba don komai ba sai don mangala da dami.

A nan ne nake ganin mai ƙaramin bincike ya fi samun riba. Sayi sikelin rataye. A kowace gona ka auna dami uku da ka zaɓa ba tare da duba girma ba, ka ninka matsakaicinsu da yawan damin. A kowane ƙauye ka auna mangala da kura cike da taki sau da dama, ka mayar da komai kilo. Idan da hali, ka je da rani lokacin da tsibin taki ke jere a gona ba a baza ba, ka ƙirga da idonka. Idan wannan ya ɗaga amincin zuwa 0.85 da 0.9, r ɗin da za ka gani ya zama 0.35, adadin ya sauko zuwa 62. Sikeli ɗaya da ɗan haƙuri sun rage maka gidaje 23.

Girman gona ma sai an kula. Idan ka haɗa jimlar taki da jimlar gero ba tare da rabawa da girman gona ba, za ka sami r babba, amma abin da ya nuna kawai shi ne babbar gona ta fi cin taki kuma ta fi ba da gero. Dole a mayar da duka biyun kan hekta ɗaya. Sai dai idan girman da ka raba da shi na kintace ne, kuskuren zai shiga ɓangarorin biyu tare, ya ƙirƙiro alaƙar da babu ita: gonar da aka rage wa girma za ta fito da taki mai yawa da gero mai yawa a lokaci guda. Zagaya iyakar gonar da ƙafa da manhajar awon fili ta waya. Wannan ba wurin tsimi ba ne.

Mataki na biyar: su wa za a zaɓa

Fomular tana ɗauka cewa manoman da ka zaɓa sun bambanta kamar yadda manoman yankin suka bambanta. Idan ka je wurin mai unguwa ka ce, "Ranka ya daɗe, a haɗa ni da manoma," don karamci zai kira maka manyan manoma, masu shanu da turke, waɗanda duk suna kai taki da yawa. Idan kowa a samfurinka yana tsakanin mangala hamsin da sittin, babu bambancin da r zai kama, sai ya fito ƙarami ko da taki yana aiki. Yadda za ka gane wannan shi ne ka zana ɗigon kowace gona a takardar zane bayan ka tara ashirin na farko. Idan ɗigon sun cunkushe a gefe ɗaya, zaɓenka ya karkata. Maganinsa shi ne ka roƙi mai unguwa ya taimaka a rubuta sunayen magidanta duka, har da wanda ba shi da ko akuya, sannan a yi ƙuri'a.

Fomular tana kuma ɗauka cewa kowace gona zaman kanta take. Gonar gandu da gayaunar 'ya'yan gidan turke ɗaya suke ɗiba, iri ɗaya suke shukawa, sau da yawa hannu ɗaya ke nome su. Gonaki huɗu daga gida ɗaya ba su kai shaida huɗu ba. Ɗauki gona ɗaya a kowane gida, ita ma da ƙuri'a, don kada a riƙa nuna maka wadda ta fi kyau. Haka ƙauyuka: ruwan sama yakan sauka a wannan gari ya tsallake na kusa da shi. Idan garin da ya sami ruwa shi ne kuma mai yawan dabbobi, za ka ga alaƙa wadda ta ruwa ce. Rubuta sunan ƙauyen kowace gona, ka ba ɗigon kowane ƙauye launinsa a zanen, ka ga ko alaƙar tana nan a cikin kowane gari ko tsakanin garuruwa kawai take.

Mataki na shida: ƙarin waɗanda za a rasa

Tsakanin rani da kaka wasu za su fita daga lissafi. Wani ya ba da gonar jingina, wani ya canza shawara ya shuka gyaɗa ko riɗi, wani da an gama girbi ya tafi cirani kafin ka zo, wani ya kai geron rumbu ya haɗa da na wata gonar. Idan ka kimanta za ka rasa kashi 15 cikin 100, kada ka ƙara kashi 15 a kan adadin. Raba shi da 0.85. Manoma 85 a raba da 0.85, ya ba ka 100 cif. Wanda ya yi aikin sikeli, 62 a raba da 0.85, ya fara da 73.

Wani ɗan ƙari: alƙaluman taki sukan karkace, mutane da yawa kaɗan suke kaiwa, mutum biyu ko uku kuma suna kai ninkin na kowa. Gona ɗaya irin wannan tana iya ɗaga r na Pearson ita kaɗai. Idan zanenka ya nuna haka, ma'aunin Spearman da ke aiki da jeri ya fi dacewa. Shi yana bukatar ƙarin mutane kaɗan: ninka lambar da ka samu kafin ƙara 3 da 1.06. A misalinmu 85 ta koma 90. Gara ka yanke wannan tun kafin ka fita, ka rubuta shi, maimakon ka gwada duka biyun a ƙarshe ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi.

Idan kuɗin mai ba zai kai ba

Sau da yawa ɗalibi ya san tun farko gida 30 kawai zai iya zagayawa. To a juya lissafin, a tambayi wace alaƙa 30 za su iya kamawa:

```
C = 2.80 / sqrt(n - 3)
=FISHERINV(0.539)
```

Tushen 27 shi ne 5.196. Raba 2.80 da shi, 0.539. Layi na biyu a Excel zai mayar da shi r, ya ba ka 0.49. Ke nan da gida 30 alaƙar da ta kusa 0.5 ce kawai kake da kyakkyawar damar kamawa. Idan abin da ke ƙasa 0.3 ne, damarka kashi 36 cikin 100 ce. Kusan sau biyu cikin uku za ka rubuta cewa ba a sami alaƙa ba, wani ya karanta ya fahimci taki ba ya ƙara gero.

Akwai kuma illa ta biyu da ba a cika faɗa ba. Tunda da mutum 30 sai r ya wuce 0.36 ake karɓarsa, duk ranar da ka yi dace gwajin ya nuna alaƙa, lambar da za ka bayar dole ta fi 0.3 ɗin gaskiya. Ƙaramin bincike yana kuskure ta fuska biyu: ko ya rasa alaƙar, ko ya kumbura ta.

Wannan ba ya nufin a fasa. Ana iya haɗa kai da abokan karatu biyu, kowa ya ɗauki gidaje talatin da takardar tambaya iri ɗaya da sikeli iri ɗaya. Ana iya matsa wa awo lamba kamar yadda muka gani. Idan duk ba su yiwu ba, ka yi da talatin ɗin, amma ka faɗa a fili a babin hanyoyin bincike cewa samfurin yana iya kama alaƙar 0.49 zuwa sama ne kawai. Abin da bai halatta ba shi ne ka fara da 30, ka nemo r ɗin da zai ba da 30, sannan ka rubuta shi kamar daga nazari ya fito.

Yadda za a rubuta shi, da abin da za a bayar a ƙarshe

A babi na uku jimloli kaɗan sun wadatar, matuƙar duk lambobin suna ciki. Misali: an yi lissafin ne domin kama alaƙar 0.30 tsakanin kilon taki da kilon gero a kowace hekta, da alfa 0.05 ta ɓangare biyu da ƙarfin gwaji kashi 80 cikin 100. Hanyar Fisher ta ba da gonaki 85. An ƙara zuwa 100 saboda ana sa ran rasa kashi 15 cikin 100. An ɗauki gona ɗaya a kowane gida ta hanyar ƙuri'a. Sai ka ƙara jimla ɗaya da ke bayyana inda 0.30 ta fito. Malamin da ke duba aikin zai iya maimaita lissafin a minti biyu.

Bayan an tattara bayanai, kada ka tsaya kan cewa p, wato damar samun r mai girman naka ta dace kawai alhali babu alaƙa, ya gaza 0.05 ko bai gaza ba. Ba da tazarar amincewa. Mu ce ka ƙare da gonaki 85 kuma r ya fito 0.30 daidai. Juya shi zuwa 0.3095. Raba 1.96 da tushen 82, ka sami 0.216. Cire shi ka kuma ƙara shi: 0.093 da 0.526. Mayar da kowanne da `FISHERINV`, ka sami 0.09 zuwa 0.48. Abin da gonaki 85 suka saya maka ke nan: ƙarfin gwiwar cewa alaƙar tana sama da sifili, amma ba sanin ko ƙarama ce ko ta kusa babba ba. Wanda burinsa ya san girman alaƙar da ɗan daidaito, a ce 0.1 sama ko ƙasa, yana bukatar gonaki sama da 300, kuma wannan wani lissafin ne daban da ya kamata a yanke tun farko.

Idan sakamakon bai nuna alaƙa ba, wasu sukan ɗauki r ɗin da suka samu su sake lissafa ƙarfin gwaji da shi. Wannan ba ya ƙara wani bayani, domin daga p ɗin da ka riga ka samu yake fitowa. Tazarar ce za ta gaya maka abin da ake ciki. Idan ta tashi daga -0.10 zuwa 0.55, binciken bai yanke komai ba, kuma haka za ka rubuta. Idan ta tsaya tsakanin -0.05 da 0.15, za ka iya cewa a waɗannan ƙauyuka, a wannan daminar, ba a ga alaƙa mai ƙarfi ba. Ko r ya fito babba, ka tuna gonaki ka kwatanta, ba kai ka raba takin ba: mai taki da yawa yakan kasance mai shanun huɗa da kuɗin ƙwadago, don haka ka rubuta waɗannan ma a takardar tambaya tun ranar farko, ka ƙara mutum ɗaya a adadin kan kowane abu da za ka cire tasirinsa a lissafi, sannan ka sake duba r ɗin da kake nema, domin bayan cire su yakan ragu.